Kuɗin da Baba yake ɗiba a shago: albashi ne ko me zan rubuta?

«Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole a nan Damagaram, shinkafa da sukari da mai da taliya, sari da ɗai-ɗai. Yayana ne yake tsaye a shagon tun shekara goma sha biyu, ni kuma bana aka ba ni riƙon littafi. Baba yana ɗibar kuɗi a aljihun tebur don cefane da hidimar gida, Yaya ma yana ɗiba, kuma babu wanda aka yanka wa albashi. Da na rubuta duka a cikin kashe-kashen shago sai lissafi ya nuna faɗuwa, da na bar su kuma sai kuɗin suka ƙi cika. Yaya zan rubuta su ba tare da na zama mai tuhumar mahaifina ba?»

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka lissafin biyu da ka yi ba daidai suke ba, kuma dalilinsu ɗaya. Kuɗin da ke fita daga aljihun teburin nan zuwa hannun ɗan gida iri biyu ne, ko da a hannu ɗaya suka faɗa. Akwai wanda aka biya saboda aikin da mutum ya yi wa shago, akwai wanda mutum ya ɗauka saboda shagon nasa ne. Na farko albashi ne, yana shiga cikin kashe-kashen shago, yana rage riba. Na biyu ni ina kiransa ɗiban mai shago, kuma ba ya taɓa riba ko kaɗan, jari yake ragewa. Gwajin da nake ba mutane a kullum shi ne wannan: da Alhaji zai tafi Makka ya yi wata shida, ya bar shagon a hannun bare, wane kuɗi ne dole shago ya ci gaba da biya don ya buɗe ƙofa kowace safiya? Haya dole, wuta dole, ladan masu dako dole, ladan wanda zai tsaya a gaban sikeli dole. Cefanen gida da kuɗin makarantar ƙannenka kuwa, shagon zai sayar da shinkafarsa ko an biya su ko ba a biya ba.

Abin da tsarin lissafin ƙasarmu ya tanada

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci a tsakanin ƙasashen Afirka da ke cikinta, kuma tsarin lissafin da muke aiki da shi, SYSCOHADA wanda aka sabunta, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Waɗanda suka tsara shi sun san da irin shagon Alhaji, domin sun ware masa shafi na musamman. Lamba 103 ita ce jarin mai kasuwanci shi kaɗai. Lamba 104, wadda za ka gani a kwamfuta da sunan «Compte de l'exploitant», ita ce shafin shige da fice tsakanin mai shago da shagonsa. A ƙarƙashinta akwai 1041 don kuɗin da ya zuba na ɗan lokaci, 1043 don abin da ya ɗauka a matsayin ladansa da lanhonsa na kansa da sauran hidimarsa, 1047 don kayan shago da aka kai gida aka ci, da 1048 don sauran ɗiba. A ƙarshen shekara ana rufe 104, abin da ya rage a cikinta a mayar da shi kan 103. Albashin ma'aikata kuwa can yake a gidan 66, cikin kashe-kashe, nesa da jari.

Ba na ce ka sayi kwamfuta gobe ba. Tsarin ya yarda ƙananan ƴan kasuwa, waɗanda cinikinsu na saye da sayarwa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, su riƙe lissafi mai sauƙi na shiga da fitar kuɗi. Shagonku da yake sari wataƙila ya haura wannan, amma ko a littafin makaranta na dala hamsin ana iya buɗe shafin 104. Ni dai idan na je shagon dattijo ba na kiransa da lamba, ina rubuta «Shafin gida» a samansa. Sunan yana da tasiri fiye da yadda kake zato, zan dawo kansa.

A idon doka, idan shago na mutum ɗaya ne, ba kamfani aka yi wa rajista ba, Alhaji da shagonsa mutum ɗaya ne. Mutum ba ya ɗaukar kansa aiki. Saboda haka duk abin da Baba ya ɗiba, ko da shi ya kira shi albashina, a shafin gida zai zauna, kuma ribar shago gaba ɗayanta ita ce ladansa. Kai da Yaya lamarinku daban ne. Ba ku da kaso a shagon yanzu, aiki kuke yi, don haka ku ne ya kamata a yanka wa albashi na gaske, a rubuta shi tare da na sauran yaran shago.

Mu ɗauki wata guda mu lissafa

Ban ga littafinka ba, don haka zan kawo adadi irin na shago mai girman naku, kai kuma ka maye gurbinsu da naka. Shawara ɗaya kafin mu fara: ka rubuta komai da sefa, kada ka haɗa da dala. A baki Baba zai ce dala ɗari biyu ko jika ɗaya, kai ka rubuta 1,000. Na sha ganin littafin da rabin shafi da dala ne rabi da sefa, kuskuren ninki biyar yana kwance a ciki ba wanda ya lura.

A ce cinikin wata 9,000,000 ne, kuma kayan da aka sayar ɗin an saro su a kan 8,100,000. Abin da ke tsakani 900,000 ne, wato kashi 10 cikin ɗari na ciniki. Daga nan a cire haya 60,000, wuta da ruwa 25,000, dako da kuɗin mota 95,000, albashin yara biyu 90,000, da ƙananan abubuwa irin su leda da katin waya 30,000. Jimla 300,000, saura 600,000. Yanzu a ce an yanka wa Yaya 100,000, kai kuma 60,000. Saura 440,000. Wannan ita ce ribar shagon a wannan wata.

Sai mu buɗe shafin gida. Cefane 7,000 kullum, a kwana talatin 210,000. Shinkafa da mai da sukari da aka kai gida, a farashin sari, 60,000. Kuɗin makarantar ƙanne 85,000. Gudummawar bikin ƴar ƙanwar Baba a Mirya 50,000. Asibiti da magani 40,000. Sannan Yaya, ban da albashinsa, ya ɗibi 75,000 da sanin Baba don gyaran ɗakinsa. Jimla 520,000.

Dubi abin da ya fito. Shago ya ci ribar 440,000, gida ya ɗauki 520,000. Jari ya ragu da 80,000 a wata ɗaya. Idan haka ta ɗore, a shekara 960,000 ne, kuɗin buhunan shinkafa masu yawa da a da suke jibge a sito yanzu babu su. Ciniki bai ragu ba, masu saye suna zuwa, amma duk tafiyar da za a yi Kano ko Maradi saro kaya sai an rage wani abu daga cikin jerin, ko a karɓo bashi.

Lissafinka na farko, da ka zuba 520,000 ɗin cikin kashe-kashe, zai nuna shago ya faɗi. Mutumin da ya yarda shagonsa yana faɗuwa zai nemi magani a wurin da babu ciwo: ya ƙara kuɗin kaya har masu saye su koma maƙwabci, ko ya sallami yaro ɗaya, ko ya fara zargin unguwar ta mutu. Lissafinka na biyu, da ka bar su ba ka rubuta ba, zai nuna riba mai kyau amma kuɗin ba sa cikin aljihun tebur, kuma a irin wannan yanayi ido yana komawa kan yaron shago mafi rauni. Na taɓa zuwa wani shago a Zango bayan an sallami wani yaro da sunan sata. Da muka zauna da mai shagon muka bi kuɗin da ya tura ta waya na wata uku, sai ga kusan duk gibin a cikin aike-aikensa zuwa ƙauye. Bai ɓoye ba, bai dai taɓa ɗaukarsu a matsayin abin rubutawa ba. Yaron kuwa ya riga ya tafi Agadas neman wani aikin, kuma sunan ya bi shi.

Akwai mataki ɗaya da nake ƙarawa, a gefen takarda kawai, ba cikin littafi ba. Baba ma yana aiki: shi yake zuwa sari, shi masu ba da kaya bashi suka sani, shi yake karɓo bashi a hannun masu taurin kai. Da za a ɗauko bare ya yi wannan aikin, a ce za a biya shi 150,000. Cire wannan daga 440,000, saura 290,000. Wannan shi ne abin da jarin kansa ya haifa. Amfanin sanin wannan adadi yana fitowa ranar da aka zo maganar buɗe shago na biyu, ko ranar da Baba ya gaji ya ce zai zauna gida, domin a ranar ladan aikinsa zai koma hannun wani, abin da gida zai dogara da shi 290,000 ne.

Yadda za ka gane ko littafin yana faɗin gaskiya

Shafin gida ba ya cika a watan farko, kullum akwai abin da ya tsere. Hanyar kama shi ita ce ƙidaya, irin wadda dattawanmu suke yi kowace shekara don fitar da zakka. Ka ƙidaya kayan da ke shago da sito a farashin sari, ka haɗa da kuɗin hannu da na banki da na waya, ka haɗa da bashin da kuke bin mutane wanda ake sa ran biya, sannan ka cire bashin da ake binku. Abin da ya rage shi ne dukiyar shago a wannan rana. Ka yi haka a farkon wata da ƙarshensa.

A misalinmu, a ce farkon wata dukiyar 12,000,000 ce, ƙarshen wata 11,920,000. Ka ɗauki ta ƙarshe ka cire ta farko, ka ƙara abin da gida ya ɗiba, ka cire duk sabon kuɗin da Baba ya zuba daga waje. Ragin 80,000 da ɗiban 520,000 sun ba ka 440,000, daidai da ribar da littafi ya nuna. Idan hanyoyin biyu suka haɗu, littafinka lafiya yake. Idan ƙidaya ta ba ka 380,000 alhali littafi yana cewa 440,000, to akwai 60,000 da suka fita ba a rubuta ba, kuma kafin ka zargi kowa ka fara tambayar abin da aka kai gida.

Kayan da ake kaiwa gida su ne suka fi ɓoyewa, saboda ba kuɗi ne ya fita ba, buhu ne aka ɗora a kan babur. Idan ba a rubuta shi ba, ranar ƙidaya zai shige cikin kuɗin kayan da aka sayar, 8,100,000 su zama 8,160,000, abin da ke tsakanin saye da sayarwa ya sauka daga kashi 10 zuwa kashi 9 da ɗan ɗoriya. Don haka idan ka ga wannan kaso yana sauka wata bayan wata, alhali farashin sari da na sayarwa ba su canza ba, musamman a watan azumi da sukari da mai suke tafiya gidajen dangi, ka san inda za ka duba. Kuma ka rubuta su a farashin da aka saro su. Idan ka sa farashin sayarwa ka ƙirƙiro ribar da babu wanda ya biya ta.

Haka nan ta ɗaya gefen. Idan Baba ya sayar da gyaɗa ko wake na gonarsa ya zuba kuɗin a aljihun tebur, ba ciniki ba ne, a shafin gida zai shiga, a ɓangaren abin da ya kawo. Idan Hajiya ta kwashi adashi ta ba shago 300,000 a ƙara sari, wannan kuma bashi ne, shafinta daban da sunanta da rana. Kuɗin iyaye mata ne suka fi narkewa a shagunan gida, saboda babu mai jin nauyin rubuta su sai ranar da ta nemi abinta za ta aurar da ƴa.

Abin da ake amfani da shi gida da shago, kamar mota ko babur ko waya, kada ka wahalar da kanka da bin kowace lita. Ku yanke kaso sau ɗaya, misali biyu cikin uku na man mota na shago ne, ɗaya na gida, ku tsaya a kai shekara guda. Zakka da sadakar Juma'a da kuɗin Hajji duk na mai dukiya ne, shafin gida za su.

Maganar Yaya

A nan ne na fi son ka tsaya, domin a ganina lamarin Yaya ya fi na Baba haɗari. Baba dukiyarsa yake ɗiba, iyakar ɓarnar ita ce ya ci jarinsa bai sani ba. Yaya kuwa shekara goma sha biyu yana aiki ba a san ladansa ba, yana ɗiba ba a san adadin ba. A al'adarmu ta kasuwa wannan ba baƙon abu ba ne: yaro yana yi wa ubangidansa hidima, ana ci da shi ana tufatar da shi, a yi masa aure, in lokaci ya yi a sallame shi da jari. Tsarin yana tafiya muddin ubangidan yana raye ya cika alkawari. Matsalar ɗa ita ce sau da yawa ba a sallamarsa, saboda ana ganin ai shagon nasu ne. Ranar da aka wayi gari babu Alhaji, Allah ya ƙara masa tsawon rai, shagon ya zama gado, kuma masu gado sun haɗa da ƴan'uwa mata da suke gidajen aurensu da ƙannen da ba su taɓa ɗaga buhu ba. Sai Yaya ya ce gumina ne ya gina shagon nan, ban taɓa karɓar albashi ba. Su kuma su ce ai a ciki ka yi aure, a ciki ka sayi babur, a ciki ka gina ɗaki. Kowa yana da gaskiya a bakinsa, kuma babu takarda ko ɗaya da za ta raba su. Na zauna a irin wannan zama fiye da sau ɗaya, an kira ni in fito da lissafi daga littafin da ba a rubuta komai a cikinsa ba, kuma abin da na iya yi bai wuce ƙidaya kayan da suka rage ba.

Mafita ita ce a ba aikin Yaya suna tun yanzu. Hanya biyu ce, kuma duka malamanmu na fiƙihu sun san su. Ko dai ijara, wato a yanka masa lada sananne a wata, ko kuma a ba shi kaso sananne daga riba, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, bisa tsarin ƙiradi, inda ɗaya yake kawo dukiya ɗaya yake kawo aiki. A duka biyun sharaɗin shi ne a san adadin kafin a fara, ba bayan an gama ba. Ni na fi karkata ga albashi tsayayye a shekarar farko, saboda kason riba yana bukatar littafin da kowa ya yarda da shi, ku kuma yanzu kuke gina shi. Wajen yanke adadin, kada a duba yawan iyalinsa ko matsayinsa na babban ɗa. A tambayi abin da ake biyan mai riƙe shago irin wannan a layinku. Idan Baba yana son ya ƙara masa don yana da mata da ƴaƴa, ya ƙara, amma ƙarin ya fito ta shafin gida a matsayin kyautar uba ga ɗansa. In ba haka ba albashin ya kumbura, ribar shago ta ƙanƙance a takarda, mun koma gidan jiya.

Wancan 75,000 na gyaran ɗaki fa? Dole Baba ya faɗi ɗaya cikin biyu a ranar da aka ɗauka. In kyauta ce, shafin gida. In kuma za a riƙa cirewa daga albashinsa, to bashi ne a kan ma'aikaci, a tsarinmu lamba 421, a rubuta nawa za a cire kowane wata. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar shi a rataye da sunan «za mu gani». Duk kuɗin da aka rubuta bashi kuma aka shekara ba a cire ko dala ba, ɗiba ne ya sa rigar bashi, kuma yana kumbura dukiyar shago a takarda da kuɗin da ba za su dawo ba.

Shekaru goma sha biyun da suka wuce kuwa, littafi ba zai iya gyara su ba, kuma ban ba ka shawarar ka zauna kana ƙiyasta su ba. Wannan magana ce ta Baba da bakinsa, a gaban shaidu, da malamin da ya san rabon gado: ko ya sallami Yaya da wani abu sananne, ko ya bayyana cewa abin da ya ci a baya shi ne ladansa. Aikin mai lissafi ya tsaya a rubuta abin da aka yanke.

Lanho, da kuma idan shagon ya zama kamfani

Idan shagonku yana cikin masu biyan lanho na dunƙule, wanda ba a kan riba ake lissafa shi ba, wannan rabuwar ba za ta canza abin da kuke biya ba, don kanku kuke yinta. Idan kuwa kuna kai lissafin shekara ana yanka muku lanho a kan riba, to zuba cefanen gida cikin kashe-kashe rage riba ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma mai bincike idan ya zo zai fitar da su ya mayar kan riba, ya ɗora tara. Albashin ɗan gida ma abin da ake dubawa shi ne ko aikin na gaske ne, ko adadin ya yi daidai da aikin, ko an bayyana ma'aikacin a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ana biya masa. Sunan ƙanin da yake karatu a Yamai a cikin jerin masu albashi, wannan ɗiba ne, ko me aka rubuta a gabansa. Banki ma idan kun je neman bashi, littafin da ya nuna riba 440,000 da ɗiba 520,000 ya fi wanda ya nuna faɗuwar 80,000 daraja, domin na farko yana cewa kasuwancin yana da rai.

Idan wata rana kuka mayar da shagon kamfani irin SARL, wato wanda alhakin masu kaso a cikinsa bai wuce jarin da suka zuba ba, labarin ya canza gaba ɗaya, kuma mutane da yawa suna yin rajistar ba su san haka ba. Kamfani mutum ne daban a idon doka, kuɗinsa ba na Alhaji ba ne ko da shi ke da kaso mafi yawa. Shafin 104 ya ɓace. Kuɗi suna isa hannun mai kaso ta hanyar ladan tafiyar da kamfani wanda masu kaso suka amince da shi, ko rabon riba bayan an rufe lissafin shekara an tabbatar akwai ta, ko biyan bashin da shi ya ba kamfanin. Dokar kamfanoni ta OHADA, a sashe na 356, ta hana mai kaso ko mai tafiyar da SARL ya ci bashin kamfanin ko shafinsa ya zama shi ake bi. Wato hannun da Baba yake sawa a aljihun tebur yau da cikakken haƙƙinsa, a kamfani laifi ne.

Yadda za ka shigar da maganar

Kada ka je wa Baba da kalmar albashi, kuma kada ka ce ya riƙa sa hannu ko ya kawo rasit. Dattijon da ya fara da tebur ɗaya ya kai ga sito ba zai nemi izinin ɗansa kafin ya taɓa kuɗinsa ba, kuma yana da gaskiya. Abin da kake nema a wurinsa ƙarami ne: ya faɗa maka adadi, ba dalili ba. «Baba, nawa zan rubuta a shafin gida?» ta wadatar. Inda ya kai kuɗin ba ruwan littafi. Yawancin iyaye da suke ƙin rubutu, abin da suke gudu shi ne a san wa suka taimaka wa, ko a san abin da ɗakin wannan ya samu da na waccan. Idan ya gane layi ɗaya ne ba suna, rabin gardamar ta faɗi. Ka kuma shigo ta ƙofar da ya riga ya yarda da ita: ƙidayar zakka tana sauƙi idan akwai wannan shafi, kuma yaran shago suna kuɓuta daga zargi. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ya fi ka saninta, ba sai ka karanta masa ba.

A aikace, abin da na ga yana ɗorewa shi ne a fitar da kuɗin cefane sau ɗaya, kullum da safe ko ranar Juma'a na mako guda, a sa a wata jaka daban, duk hidimar gida ta fito daga can. Hannu goma a aljihun tebur a yini ya koma hannu ɗaya. Lambar wayar da masu saye suke turo kuɗi a kanta ita ma a raba ta da wadda Baba yake aike da ita, in hakan ya gagara ka zauna da shi kowane dare minti biyar ku bi saƙonnin yini. Albashinka da na Yaya a biya su rana ɗaya da na sauran yara, a gabansu in da hali, kuma kai ne farkon wanda zai daina taɓa aljihun tebur tsakanin albashi da albashi, ko da kuɗin shayi ne.

Wata uku na farko kada ka kawo maganar rage ɗiba ko kaɗan, rubutu kawai. Wata ɗaya ba ya nuna komai, domin watan biki ko na komawa makaranta ko na Babbar Salla ya sha bamban da sauran. Bayan wata uku ka rubuta lambobi biyu a ƴar takarda, ribar shago da abin da gida ya ɗauka, ka miƙa wa Baba lokacin da yake shi kaɗai, ba a gaban Yaya ko yaran shago ba. Idan ya tambaye ka nawa ya kamata gida ya riƙa ɗauka, ni abin da nake cewa kada ya wuce biyu cikin uku na ribar, saboda kuɗin sari yana hawa, kuma jarin da ya tsaya wuri ɗaya buhunan da yake saya raguwa suke yi. A misalinmu wajen 290,000 ke nan a wata. In bai tambaya ba, ka bar masa takardar ka koma kan littafinka.